Turaren ya zo jabu: me zan rubuta masa ya maido mini kuɗina?

*Anti, barka da aiki. Na ga tallar turaren da na shekara uku ina amfani da shi a shafin wani mai sayar da turare, na biya ta tiransifa, aka kawo mini kwalba mai mil 100. Ina fesawa na ji ƙaurin sifirit, kafin rabin awa babu komai a jikina. Lambar gindin kwalbar ma ba ɗaya take da ta kwalin ba. Na kira shi, ya ce hancina ne, kuma shi kaya idan sun fita ba sa dawowa. Wata biyu na yi ina tara kuɗin nan, ko barci ba na iya yi. Ya zan rubuta masa?*

'Yata, kwantar da hankalinki, kina da hujja a hannu, kuma wadda ta fi ta mutane da yawa da ke rubuto mini. Amma kafin ki taɓa waya, ki ajiye kwalbar nan, kada ki sake fesa ta a jikinki. Ki samo ɗan salatif ki manna a daidai inda turaren ya tsaya, ki ɗauki hoto. Kwali, ledar da aka naɗe shi, takardar da ɗan aike ya kawo, duk ki haɗa su wuri ɗaya a inda rana ba ta bugu. Sai ki koma shafinsa yanzun nan ki ɗauki hoton tallar yadda take, da duk hirar da kuka yi tun daga gaisuwa har shaidar biya. Ki yi wannan kafin ya san za ki tayar da magana, domin goge talla da goge saƙo ba sa ɗaukar minti ɗaya. Abin da nake so ki nemo a cikin hirar shi ne wurin da ya ce da bakinsa na asali ne. Jimlar nan ita ce ginshiƙin takardarki. Idan babu ita, ki duba ko tallar ta ambaci sunan kamfanin kai tsaye ba tare da ta ce kwaikwayo ne ba, wannan ma ya wadatar.

Maganarsa ta "hancinki ne" kada ki yi watsi da ita don haushi, saboda akwai gaskiya a irinta, kuma da ita suke kayar da masu ƙorafi. Hancin mutum yana sabawa da ƙamshin da ke jikinsa, bayan ɗan lokaci ya daina ji, na kusa da shi kuwa suna ji. Shi ya sa "ba ya jimawa" ita kaɗai ba hujja ba ce. Abin da zai rufe masa baki shi ne gwaji kafaɗa da kafaɗa. Tunda kin daɗe da turaren nan, ina kyautata zaton tsohuwar kwalbarki na nan, ko da ɗan kaɗan ne ya rage a gindi. Ki yanko farar takarda mai kauri gida biyu, ki rubuta "tsoho" da "sabo" a bayansu, ki fesa wa kowace sau biyu daga nisa ɗaya, ki ajiye su nesa da juna a ɗaki guda. Ki sa wani a gida, wanda bai san wacce ce wacce ba, ya shinshina bayan minti 15, bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, sannan da safe. Ki rubuta abin da ya ce da lokacin da ya faɗa. Turaren kirki hawa-hawa yake tafiya: ƙamshin farko mai sauƙi yana tashi da wuri, na tsakiya ya biyo baya, sai na ƙarshe mai nauyi, irin su itace da almiski, ya zauna a takarda har washegari. Masu haɗa jabu kan ƙamshin farkon suke ɓata ƙoƙarinsu, don shi mai saye ke ji idan ya buɗe. Na ƙarshen shi ne mai tsada, shi ne kuma suke tsallakewa. Idan da safe takardar tsohon na ƙamshi, ta sabon kuwa takarda ce kawai, kin sami abin rubutawa.

Ki ɗaga kwalbar a haske. Turaren fesawa da sifirit ake narkar da man ƙamshinsa, idan aka tsarma masa ruwa da yawa man ba ya iya zama a narke, sai ki ga ya yi hazo-hazo ko ya rabu. Idan da sifirit aka ƙara shi, zai zauna garau, sai dai launinsa ya fi na tsohon haske kuma ƙaurin da kika ji ya yi yawa. Ki duba wuyan kwalbar, inda ƙarfen mafesa ya kama gilashi. A kamfani inji ke matse shi sumul. Idan kin ga karce, ko lanƙwasa, ko yana juyawa, alama ce an buɗe an sake cikawa, domin akwai masu tara kwalaben asali da aka gama da su don wannan aikin.

Lambar da kika lura da ita kuwa, ita ce babban makaminki. Kamfani yana buga lambar zubi ɗaya a gindin kwalba da kuma a kwali, kuma ya kamata su zo ɗaya. Ki jera su a hoto guda yadda duka za su karantu. Sai dai ki riƙe wannan: saɓanin lamba hujja ce mai ƙarfi cewa kwalba da kwali ba tare suka fito ba, amma dacewar lamba ba ta wanke kaya, don mai jabu yana iya kwafe lamba ɗaya ya buga a duka biyun. Haka zanen layi-layin nan da ake haskawa da waya, kwafe shi ya fi komai sauƙi. Gwajin girgiza kwalba a ƙirga daƙiƙun da kumfa ke yi kuma, kada ki saka shi a takardarki, ba shi da tushen da za ki tsaya a kai.

Yanzu takardar. A rubuce za ta kasance, ba kira ba, ba saƙon murya ba, domin kina rubuta wa mutum biyu ne: shi, da wanda zai karanta daga baya idan magana ta kai gaba. Ga yadda nake so ta fito, ki gyara ranaku su dace da naki:

*Assalamu alaikum. Ranar 4 ga wata na sayi turare kaza, na kamfani kaza, nau'in ƙarfinsa EDP, mil 100, daga wurinka, na biya kaza ta tiransifa. Ga shaidar biya. A tallarka, da kuma saƙonka na ranar 3 ga wata, ka tabbatar mini na asali ne. Ga hotonsu.*

*Kayan sun iso ranar 7 ga wata. Lambar da ke gindin kwalbar ta saɓa da ta kwalin, ga hotonsu a jere. Wuyan kwalbar yana da karce kuma yana juyawa. Na gwada shi a takarda tare da tsohuwar kwalbata ta irin turaren: nawa ya kwana yana ƙamshi, wanda ka aiko ya ɓace kafin awa ɗaya. Sau shida kawai aka fesa shi, ga hoton inda ya tsaya.*

*Abin da aka kawo ba shi ne abin da muka yi ciniki a kai ba. Ina neman ka maido mini cikakken kuɗina, har da na kawowa, a asusun da na turo daga ciki, nan da kwana bakwai, wato zuwa ranar 16 ga wata. Kayanka na nan a ajiye da kwalinsu, zan miƙa su ga wanda ka turo da zarar kuɗin sun shigo.*

*Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ka ba, zan kai ƙorafi da waɗannan hujjoji ga masu dandalin da kake talla a kai da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye. Na gode.*

Ki lura ban ce masa ɓarawo ba, ban ce macuci ba, ban yi Allah ya isa ba. Ba don bai cancanta ba, sai don da zarar kin zage shi kin ba shi ƙofar fita: magana ta tashi daga turare ta koma kan rashin kunyarki. Kuma mai yiwuwa shi ma sarowa ya yi aka cuce shi, wanda duk da haka ba matsalarki ba ce, shi ya karɓi kuɗinki shi zai biya ki, ya je ya nemi nasa. Takardar da ba ta tuhumi niyyarsa ba tana bar masa hanyar biya ba tare da ya amsa sunan mai algus ba, kuma mutane da yawa ta wannan hanyar suke bi. Ki lura kuma abu ɗaya na nema. Kada ki ce "ko ka canja mini, ko ka rage wani abu, ko dai yadda ka gani." Wanda ya ba da zaɓi uku, mafi ƙanƙanta ake ba shi. Canji ma ban so ki karɓa ba, daga buhu ɗaya za a ɗebo miki. Labarin wata biyun da kika yi kina tara kuɗi da rashin barcinki ki bar shi wurina, ni na ji kuma ya taɓa ni, amma a takarda ba ya ƙara nauyi.

Batun "kaya idan sun fita ba sa dawowa" kuwa, wannan ƙa'ida ce ta wanda ya sami abin da ya saya sannan ya sauya ra'ayi. Ba ta rufe wanda aka ce masa ga abu kaza aka kawo masa wani. Idan ya sake faɗa, jimla ɗaya za ki mayar: ban sauya ra'ayi ba, abin da na saya ne bai zo ba.

Kada ki saki kwalbar kafin kuɗi su shigo, ko aƙalla ki sami alkawarinsa a rubuce. Ita ce shaidarki, idan ta koma hannunsa sai ya ce ai wadda kika maido ba tasa ba ce. Idan dole sai kin aika, ki ɗauki bidiyo kina naɗewa har miƙawa, ki karɓi rasit, kuma ki gaya wa kamfanin aiken cewa turare ne, don kaya ne mai kama wuta, wasu ba sa ɗauka, musamman a jirgi.

Zan gaya miki gaskiya a kan tiransifa. Kuɗin da kika tura da hannunki zuwa asusun mutum, banki ba ya janyo su don kawai kaya sun zo ba daidai ba. Da da kati kika biya, akwai hanyar da banki ke bi ya ƙalubalanci cinikin, galibi cikin kwana 120 a tsarin Visa da Mastercard. Ke ƙarfinki yana cikin hujjarki da tsoron da yake yi wa sunansa. Ki kai rahoto bankin duk da haka, a rubuta. Ranar da wa'adi ya cika ki tura tuni na layi biyu, washegari ki aikata abin da kika ce. Barazanar da ba a cika ba tana kashe duk wadda za ta biyo bayanta.

*Anti, na sayi turare wata huɗu da suka wuce, saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Jiya abokina ya ce jabu ne. Rubuta mini wasiƙa mai zafi da za ta sa ya dawo da kuɗina duka.*

Ba zan rubuta ba, Malam. Wata huɗu kana fesawa hancinka bai yi ƙorafi ba, sai da aboki ya yi magana? Me za ka mayar masa, kwalba? Kuma hujjarka ita ce "abokina ya ce". Ƙorafi irin wannan a kwanakin farko ake yin sa, kaya na cike. Idan ka duba ka ga alama ta zahiri, ka rubuta masa cikin mutunci cewa ga abin da ka gano, ka daina saye a wurinsa, ka zubar da sauran. Kuɗi kam sun tafi.

*Na ga turaren wani babban kamfani ana sayar da shi ƙasa da rubu'in kuɗinsa. Mai shi ta ce na gwaji ne da ake ajiyewa a kanti, shi ya sa babu kwali. Na sayi uku. Yanzu wuyana ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ina da bakin magana?*

Fara da wuyan. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu mara ƙamshi, ki daina fesa ko ɗaya daga cikin ukun. Idan ya kumbura, ko ya yi ƙuraje masu ruwa, ko bai lafa ba cikin kwana biyu, ki ga likita ki tafi da kwalbar. Idan numfashinki ya sarƙe ko leɓe ya kumbura, wannan ba na jira ba ne, asibiti nan take. Ki ɗauki hoton wurin yau, ki adana takardar likita. A takardar ƙorafinki ki faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru kawai, kada ki yanke hukuncin abin da ke cikin kwalbar, don turaren asali ma yana yi wa wasu fata haka.

Bakin magana kina da shi, tunda ta ce na kamfanin ne. Ki bi tsarin takardar da na ba 'yar'uwarki a sama, ki haɗa ukun a ƙorafi ɗaya. Amma ba zan bar ki ki tafi ba sai na yi miki faɗa, kuma ba ke kaɗai ba, duk masu rubuto mini irin wannan duk wata.

Ƙasa da rubu'i, 'yata! Ki zauna ki yi lissafi da kanki. Wadda ta sayar miki ta ci riba. Wanda ya sayar mata ya ci riba. An biya kuɗin ɗauko kaya. Idan aka cire duk wannan, nawa ya rage na abin da ke cikin kwalbar? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kwalaben gwaji na gaskiya akwai su, kamfani ke ba manyan kantuna don masu saye su shinshina, turaren ciki ɗaya ne da na sayarwa, kuma yawanci a farin kwali mara ado suke zuwa, wani lokaci babu murfi. Amma 'yan kaɗan ne, kowane kanti nasa yake samu. Mutumin da ke da katan-katan na "gwaji" na kowane kamfani a duniya, kowane lokaci kika tambaya akwai, daga ina yake samo su? Kalmar nan ta zama rigar da ake saka wa jabu don kada a tambayi kwali, kada a tambayi leda, kada a tambayi lamba. Haka "na filin jirgi ne", haka "ragowar kamfani ne", haka "mai daraja ta ɗaya". Kamfanin turare ba shi da daraja ta ɗaya da ta biyu, abu ko nasa ne ko ba nasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutane ke ɗaukar jabun turare kamar jabun jaka ko takalmi, wai iyakarsa ya lalace da wuri. Jaka a hannu ake riƙe ta. Turare a fata ake fesa shi, a wuya, kusa da hanci da ido, a shaƙe shi yini guda, a rungumi jariri da shi. Kamfanin da ke da suna yana aiki da sifirit mai tsabta da ake kira etanol, yana bin iyakar da aka gindaya wa sinadaran da ke tayar da fata, kuma idan wani abu ya faru akwai wanda za a kama. Wanda ke haɗawa a ɓoye ba ya amsa tambayar kowa. Abin da ya fi araha shi zai zuba, kuma an sha samun metanol a irin waɗannan kaya, wanda guba ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Ba ki da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbarki da ido ko da hanci. Kin biya kuɗi an ba ki abin da ba ki san ko mene ne ba, kin shafa a wuya.

Kuma ba ina cewa kowa sai ya sayi mai tsada ba. Akwai kamfanoni masu rajista da ke yin turare mai kama da na manyan, su sa sunansu, da adireshinsu, da jerin sinadaransu a kwali, su sayar da sauƙi. Wannan halal ɗin ciniki ne, kin san abin da kika saya, kin san wanda ya yi. Kuɗin da kika zuba a kwalba uku na ƙarya da sun saya miki irin wannan mai kyau, ko ƙaramar kwalba mai mil 30 ta ainihin wanda kike so. Sayen uku a tashi ɗaya daga hannun da ba ki taɓa gwadawa ba shi ne cinikin biri a sama. Ɗaya ake fara saye, mafi ƙanƙanta. A tambaya a rubuce: na asali ne? Idan ba haka ba za ki maido kuɗi? A nemi hoton gindin kwalba da na kwali kafin a biya. A ɗauki bidiyo lokacin buɗe kaya tun daga ledar waje ba tare da yankewa ba. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wadda ta ce miki "ba ki yarda da ni ba ne?" ta riga ta ba ki amsa.

*Ranki ya daɗe, turaren da nake saye tun 2015 na sake saya a babban kanti mai izinin kamfani, da rasit. Lambobi sun dace, amma ƙamshin ya sauya, ya yi laushi. In rubuta musu cewa sun sayar mini da jabu?*

A'a, Alhaji, ka riƙe alƙalaminka. Kamfanoni suna sauya haɗin turare ba tare da sun sauya suna ko kwalba ba, wani lokaci don tsadar kayan haɗi, wani lokaci don doka. Tarayyar Turai ta hana wani sinadari mai ƙamshin fure da ake kira lilial a kayan shafa daga watan Maris na 2022, kuma turaruka da yawa na ɗauke da shi, dole aka sake musu haɗi. Sannan tsohuwar kwalbarka ta shekara tana zaune, ƙamshinta ya yi duhu ya yi nauyi, sabuwa ba za ta yi daidai da ita ba. Ka duba kuma ko EDT aka ba ka a maimakon EDP. A al'adar sana'ar, na farkon man ƙamshinsa kan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, na biyun kuma wajen 15 zuwa 20, kwalaben kuwa sau da yawa kamar tagwaye suke. Idan rasit ya ce EDP kwalba ta ce EDT, to kana da ƙorafi, amma na kuskuren kaya, ka nemi canji. Kalmar jabu mai nauyi ce, ba a jefa ta sai da hujja.

*Anti, ƙawata ce tun muna yara take sayar da turaren mai. Na sayi tola biyu na oud a wurinta, ta ce zalla ne. Ya zo tsararo kamar ruwa, ƙamshin ba ya kai la'asar. Ina jin nauyinta, kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, na yayata ne rabi. Na rasa yadda zan yi.*

Na fahimci nauyin da kike ji, ƙanwata, kuma ba wauta ba ce. Abu ɗaya zai sauƙaƙa miki: akwai yiwuwar ita ma ba ta sani ba. Masu ƙaramin jari da yawa a manyan kwalabe suke sarowa su ɗura a ƙanana, abin da dila ya gaya musu shi suke maimaitawa. Turaren mai kuwa ya fi na fesawa sauƙin sirki, don ana ƙara shi da wani ruwa mara launi mai ɗan yauƙi da masu sana'ar ke kira DPG, ko da mai mara ƙamshi, kuma ido ba ya rabewa. Sirkin kansa ba laifi ba ne idan an faɗa, yawancin turaren mai da ake shafawa sirkakke ne. Laifin shi ne a ce zalla a karɓi kuɗin zalla. Kauri ma ba ma'auni ba ne, akwai oud na gaskiya mai ɗan ruwa, akwai na ƙarya da aka kaurara. Ki dogara da yadda yake tafiya: ɗigo ɗaya na oud zalla a takarda yana kwana yana sauya fuska, sirkakke kuwa fuska ɗaya gare shi kuma yana mutuwa da wuri. Ki auna yawan ma, tola ɗaya giram 11.66 ce, wajen mil 12.

Ke ba irin takardar farko za ki rubuta ba, babu wa'adi, babu ambaton hukuma. Ki je ki same ta ita kaɗai da kwalbar, ki ɗiga a takarda a gabanta ku bar shi, ku ci gaba da hirarku, kafin ki tashi ku shinshina tare. Sannan bayan kin koma gida ki tura mata saƙo don magana ta zauna a rubuce:

*Ƙawata, na gode da kika saurare ni ɗazu. Kamar yadda muka gani tare, oud ɗin nan ba zalla ba ne, ina zaton wanda ya sayar miki bai gaya miki gaskiya ba. Kin san rabin kuɗin na Yaya ne, dole in mayar mata. Tola ɗaya ban buɗe ba, ɗayar ɗigo uku na taɓa. Zan kawo miki duka ki mayar masa. Idan biya a tashi ɗaya zai yi miki nauyi, ki fara ba ni rabin Yaya a wannan makon, nawa ya biyo baya ƙarshen wata.*

Ki gaya wa yayarki halin da ake ciki tun yau, kada ta ji a bakin wani. Kuma ki tura wa ƙawar taki hoton takardar gwajin da ranar da kuka yi shi, za ta buƙace shi idan ta je wurin dilanta.